Yadda ake karanta kwanan watan da ke jikin kayan abinci na gwangwani, leda da kwali

Na daɗe ina riƙe da shagon kayan masarufi a Kano, kuma kusan kowane mako sai na ga ɗayan abu biyu. Ko dai wani ya kwashi taliya mai lafiya ya zubar a bola saboda "ta yi esfaya" jiya, ko kuma wani ya bai wa yaro yogot ɗin da ya kwana cikin zafi don kwanan watansa da sauran kwana biyar. Dukansu lamba suka duba, ba su duba kalmar da ke gabanta ba, ba su kuma tambayi inda kayan suka kwana ba. Kwanan watan nan alkawari ne da kamfani ya ɗauka bisa sharaɗi biyu: ba a buɗe kayan ba, kuma an adana su yadda aka rubuta a jiki. Da zarar ɗaya ya warware, lambar ta tashi daga aiki.

Abin da za ka tanada

Maka baƙa wadda ba ta gogewa, don rubutu a kan murfi. Idan babu, farar takarda da salatif da biro sun wadatar. Tocilan waya, saboda yawancin lambobin ɗige-ɗige ne a gindin gwangwani ko a bakin leda inda aka liƙe. Idan ido ya fara rauni, ɗauki hoton wurin da waya ka buɗa shi, ya fi gilashi. Sai kwali uku ko tire uku na rarraba kaya, da robobi masu murfi ko kwalabe wankakku busassu na juye abin da aka buɗe. Ka zaɓi safiya, ka fito da kayan tsakar gida inda akwai haske, cikin inuwa.

1. Nemo lambobin, ka raba su

A jikin kaya ɗaya za ka iya samun lamba huɗu, kuma biyu ne kawai kwanan wata. Wadda aka sa wa `MFD`, `MFG`, `PROD` ko `P` ita ce ranar da aka yi kayan. Wadda aka sa wa `BN`, `LOT` ko `BATCH` lambar rukunin da aka yi su tare ce, ba rana ba ce ko da ta yi kama da rana. Lambar rajistar NAFDAC kuwa shaida ce cewa hukumar ta yi wa irin wannan kaya rajista, ba ta cewa komai a kan ko wannan gwangwanin da ke hannunka ya lalace. Wadda muke nema ita ce ta huɗu, ranar ƙarewa.

Kuskuren farko da sabon yaron shago ke yi shi ne ya ga ranar da aka yi kaya, ya ga ta wuce, ya ce sun lalace. Ai dole ta wuce. Idan ka ga rana biyu babu kalma a gabansu, wadda ta riga zuwa a kalanda ita ce ta yi, ta bayanta ta ƙarewa. Wasu kayan kuma, musamman na Indiya, ranar yi kaɗai suke bugawa, sai su rubuta cewa a yi amfani da su cikin wata kaza. Idan an buga 08/2024 an ce wata 12, to lissafinka ya tsaya a Agustan 2025. Rubuta hakan da maka a jiki tun yanzu, kada ka sake yin lissafin wani lokaci cikin sauri.

2. Karanta kalmar da ke gaban lambar

Nan ne gundarin aikin. Kalmomin iri biyu ne, kuma ma'anarsu ta yi hannun riga.

`BEST BEFORE`, wadda ake taƙaitawa `BB`, magana ce ta daɗi da kyau. Kamfani yana cewa har zuwa ranar nan ya tsaya wa ɗanɗano da ƙamshi da launi. Bayanta biskit na iya rage ƙaras-ƙaras, ganyen shayi ya rage ƙamshi, lemon kwalba ya rage gas, amma wucewar ranar kaɗai ba ta mai da su guba. A kan busassun kaya da na gwangwani ake samunta: taliya, makaroni, kuskus, fulawa, madarar gari, dunƙule, man girki. Idan aka ƙara harafi ya zama `BBE`, ko aka buga wata da shekara kawai, to har ƙarshen wannan watan ne. 03/2026 na nufin 31 ga Maris, ba 1 ga Maris ba. Wata guda cur mutane ke yi wa kansu asara a nan.

`USE BY` kuwa magana ce ta lafiyar jiki. A kan kayan firji masu saurin lalacewa take: yogot, madarar da ba ta zama sai a sanyi, tsiren Turawa na leda, yankakken nama ko kaza na sanyi. Ranar da aka rubuta ita ce ta ƙarshe. Kashegari ba a ci, ko da ƙamshinsa lafiya lau. Na san wannan yana yi wa mutane wuyar karɓa, domin mun saba hanci ne alƙali. Amma ƙwayoyin cutar da ke sa tsami da wari daban, waɗanda ke kwantar da mutum daban. Akwai wadda ake kira listeriya, tana hayayyafa har a cikin sanyin firji, ba ta canza wari ko launi, kuma mai juna biyu da tsoho da jariri ta fi yi wa illa. Saboda haka a kayan `USE BY` sunsunawa ba ta wanke abinci. Idan ka ga ba za ku cinye kaza ko nama kafin ranar ba, saka shi a firiza tun ranar ba ta zo ba. In ka narkar, a dafa shi cikin kwana ɗaya.

Sai `EXP` ko `E`, wadda ta fi yawa a kasuwanninmu, ana kuma buga ta a kan komai, daga taliya har madarar jarirai. A nan irin kayan ne zai gaya maka yadda za ka ɗauke ta. Idan abin firji ne, ko abincin jariri, ɗauke ta a matsayin iyaka. Idan busasshen abu ne da ke zaune a kanta, ɗauke ta kamar `BB`, ka wuce da shi mataki na biyar a bincika.

Kayan da ke shigowa ta Maraɗi ko Kwatano da Faransanci suke zuwa, kuma bambancin yana cikin kalma biyu. `À consommer jusqu'au` ita ce iyakar da ba a tsallakewa, ana taƙaita ta `DLC`. `À consommer de préférence avant` ita ce ta daɗi da kyau, `DDM`, a da kuma `DLUO`. Ko ba ka jin Faransanci, nemi `de préférence`: idan tana nan, akwai sassauci. A kayan ƙasashen Larabawa, `الإنتاج` ita ce ranar yi, `الانتهاء` ranar ƙarewa.

3. Gane wace lamba ce rana, wace ce wata

A Najeriya da Nijar da Turai rana ake fara rubutawa, sai wata, sai shekara. Amurka wata take farawa da shi. Kayan Sin kuwa galibi shekara ce a gaba. To 05/09/25 a jikin biskit ɗin nan 5 ga Satumba ne, a jikin na Amurka 9 ga Mayu ne, tazarar wata huɗu. Hanyar warwarewa ita ce ka duba ɗaya ranar da ke kusa da ita. Idan ranar yi ta ce 23/09/2024, ka san 23 ba wata ba ne, ashe rana ce a gaba, ita ma ta ƙarewar haka take. Idan babu abin da zai raba gardama, duba ƙasar da aka yi kayan. Idan har yanzu da shakka, ɗauki ranar da ta fi kusa, ka sa kayan a gaba a fara cinye su.

A na Faransanci a kula da `JUIN` da `JUIL`: na farko Yuni, na biyu Yuli. A lambobin Larabci kuma, ٥ biyar ce ba sifili ba, ٦ shida ce ba bakwai ba. Duk wanda ya saba da lambobin Larabci ya san wannan, amma a gindin gwangwani cikin sauri ido yana yaudara.

4. Tambayi inda kayan suka kwana

Kusan kowace leda tana ɗauke da umarnin a ajiye ta wuri mai sanyi, busasshe, ba rana. Wanda ya lissafa ranar bai lissafa da shagon kwantena mai rufin kwano a watan Afrilu ba, lokacin da zafin Kano ke haura digiri 40 a waje, balle a ciki. Zafi yana gaggauta tsufan kaya, kuma masu maiƙo ne suka fi jin jiki: madarar gari mai kitse, man girki, bota, mayonis, biskit mai kirim, gyaɗa ta leda. Irin waɗannan suna iya yin wari da maƙaƙi a wuya alhali da sauran wata uku a jikinsu. Shi ya sa ba na sayen kayan da aka jera a bakin shago rana tana dukansu, ko da ranarsu ta yi nisa. Ka ce a ɗauko maka na ciki. Idan launin leda ya koɗe, ta daɗe a rana ke nan.

Da damina matsalar ta koma laima. Fulawa da semo da madarar gari suna jan danshi su dunƙule, gindin gwangwani ya yi tsatsa. Kada katan ya taɓa siminti. Ɗora shi kan katako ko bulo, ka ja shi kaɗan daga bango.

Kayan firji kuma, ranarsu tana aiki ne idan sanyin bai wuce digiri 5 ba tun daga kamfani har gidanka. In an ɗauke wuta, firjin da ba a buɗewa yana riƙe sanyi kamar awa 4. Firiza cikakkiya tana kai wa kwana biyu, rabi kuma kwana ɗaya. Yogot ɗin da ya yini a firjin da ba wuta ya riga ya fita daga alkawarin kamfani. Lokacin saye, taɓa robar da bayan hannu. Idan ba ta da sanyi, ko murfin ya yi tudu, ko ta cika ta yi tauri kamar an hura, mayar. Wanda wutar unguwarsu ba ta tsayawa, gara ya sayi na ranar nan kawai, ko ya koma madarar gari da ƙananan leda da ake gamawa a zama ɗaya.

5. Bincika kayan da hannu da ido

Wannan matakin na kayan `BB` ne, waɗanda ranarsu ta wuce da waɗanda ba ta wuce ba.

Gwangwani shi ne wanda ba na wasa da shi. Goge ƙurar, ka ɗora shi a tebur, ka danna sama da ƙasa da babban yatsa. Lafiyayye a shafe yake ko ya ɗan lotsa ciki, ba ya motsi. Idan ya kumbura, ko ka danna ya yi ƙas ya dawo, ko yana yoyo, ko ya lotse a daidai bakin da aka naɗe murfin, ko tsatsa ta ci shi har ba ta gogewa, to ya tashi daga abinci. Ƙaramin lotsi a tsakiyar jiki wanda ba shi da kaifi ba komai. Kumburi alama ce ta iskar da ta taru a ciki, kuma ɗaya daga cikin abubuwan da ke kawo ta ita ce ƙwayar da ke haifar da cutar botulizim, wadda gubarta kan shanye jijiyoyi. Kada ka ɗanɗana don ka gwada, ko a kan harshe. Kada ka zuba wa kaji ko akuya. Ƙulle shi a leda yadda yake, ka jefar inda yara masu tsince-tsince ba za su kai ba. Idan wani ya riga ya ci, daga baya ya fara gani bibbiyu, fatar ido na faɗuwa, haɗiya ko magana na yi masa wuya, a tafi asibiti nan take, kada a tsaya jiƙe-jiƙe.

Gwangwanin da ya tsallake wannan binciken yana da ƙarko. Na kifi da nama suna shekara biyu zuwa biyar da kyansu. Na tumatir bai kai haka ba, kamar wata 12 zuwa 18, domin tsaminsa yana cin ƙarfen a hankali. Idan ka buɗe ya yi feshi, ko kumfa, ko launin ya koma baƙi-baƙi da warin ƙarfe, zubar. Tumatirin leda ma haka: wanda ya kumbura ko yake danƙo a baki, a bar shi.

Busassun kaya sun fi sauƙi. Ɗaga ledar taliya ga haske, ka dubi gindinta. Gari-gari a ƙasa, ƙananan huji, ko zare kamar na gizo-gizo, ƙwari ne. Fulawa ko shinkafa mai ƙwari kaɗan ana tankaɗewa a shanya a ci, mun taso muna gani. Fumfuna kuwa ba a tankaɗe ta. Gyaɗa, masara da garinsu idan suka yi fumfuna suna iya ɗaukar gubar afalatoksin mai lalata hanta, kuma dafuwa ba ta kashe ta. Madarar gari, zuba cokali ɗaya a farin faranti: idan ta koma rawaya sosai, ta dunƙule ta ƙi murjewa, ko tana warin tsohon mai, ta gama. Sukari da gishiri ba sa lalacewa da tsufa, ko sun daskare a daka su. Zuma ta gaskiya idan ta yi tsakuwa-tsakuwa, a sa kwalbar cikin ruwan ɗumi.

Madarar jarirai ba ta cikin wannan sassaucin ko kaɗan. Ranarta ta wuce, an gama, domin sinadaran gina jiki da ke ciki suna raguwa, shi kuwa jaririn ba shi da wani abincin da zai cike giɓin.

6. Kula da ranar da aka taɓa

Na taɓa saro katan biyu na madarar ruwa a hannun wani da ya yi mini rangwamen da ya kamata ya sa ni tsayawa. Da na buɗe a shago, gindin kowane gwangwani yana da wani zagaye mai sheƙi, ya fi sauran wurin tsabta, an goge tsohuwar lambar an buga sabuwa da tawada mai kauri. Na shafa da yatsa mai ɗan yawu, ta biyo hannuna. Jikin katan kuma an yage daidai inda ranar take. Na buɗe guda uku, biyu sun guntse sun yi rawaya. Asarar ta zauna a kaina, kuma tun ranar ba na biyan kuɗi sai na gwada ranar da ke jikin katan da ta cikin kayan, da lambar rukuni. Dole su zo ɗaya. Takardar da aka liƙa a kan wurin rana, lamba mai inuwar wata a ƙarƙashinta, ko kayan da ba su da rana sam, duk a bar su. Wanda ya ci karo da irin wannan ya ɗauki hoto, ya riƙe guda ɗaya, ya kai ofishin NAFDAC na jiharsa.

7. Rarraba kwali uku

A ce yau 20 ga Afrilu 2025, ga abin da ya fito daga sito. Taliya `BB 02/2025`, ledar a liƙe, ba gari a gindi: ta wuce da kwana 51, lafiyarta ƙalau, ta shiga kwalin farko na abin da za a dafa a makon nan. Tumatirin gwangwani `EXP 11/2025`, da sauran wata bakwai, amma murfin ya yi tudu: kwali na uku, na zubarwa. Yogot `USE BY 25/04/25`, an ɗauke wuta tun la'asar ɗin jiya ba a kawo ba sai hantsi: shi ma na uku. Kifin gwangwani `BB 06/2026`, a shafe, ba tsatsa: kwali na biyu, ya koma kanta. Madarar jarirai `EXP 12/2025`, amma an buɗe ta tun watan Fabrairu: ba za a bai wa jariri ba. Ka ga a cikin biyar ɗin nan, wadda ranarta ta wuce ita za a ci, uku masu sauran lokaci kuma su ne suka fita.

Lokacin mayarwa, rubuta wata da shekara da manyan lambobi a saman kowane murfi, ka jera masu kusa a gaba, sababbi a baya. Duk sayayyar da ta shigo, bayan layi za ta.

Sassaucin `BB` na gidanka ne, inda kai ka adana kayan kuma kai ka bincika. Mai shago ba ya sayar da abin da ranarsa ta wuce. Ni idan ya rage wata ɗaya nakan karya farashi in gaya wa mai saye gaskiya, ko in kai gida. Kuma abin da ba za ka bai wa ɗanka ba, kada ka miƙa wa almajiri da sunan sadaka.

8. Bayan an buɗe, sabon lissafi

Ranar da ka fasa murfi, rubuta ta a jiki, sannan ka duba bayan kayan, galibi an faɗi kwana nawa za su yi bayan buɗewa. Madarar ruwa ta gwangwani kwana uku zuwa huɗu ce a firji, a juye ta cikin roba mai murfi. Al'adar huda gwangwani a toshe da takarda a bar shi kan tebur har gobe, tana iya kawo ciwon cikin da ake ɗora wa shayi. Tumatir a juye a kwalba, a shafe samansa, a zuba ɗan mai ya rufe, ya yi kamar kwana biyar a firji. Mai firiza ya raba shi cokali-cokali ya daskarar. Madarar kwali mai daɗewa da lemon kwali, da an buɗe sun zama kayan firji. Madarar jarirai ta gari yawanci wata ɗaya ce bayan buɗewa, wasu ƙasa da haka, a bi abin da ke jikin gwangwanin. Wadda aka dama kuma kada ta wuce awa 2 a waje, ragowar da jariri ya sha a zubar.

9. Yi lissafi kafin ka sayi katan

Yawancin asarar tun a kasuwa ake sayenta, musamman sayayyar azumi. Kafin ka ɗauki katan mai araha, raba yawan kayan da abin da gidanka ke ci a wata. A ce katan ɗin tumatirin leda guda 50 ne, ku kuma 12 kuke amfani da su a wata: zai kai ku wata huɗu da ɗoriya. Idan saura wata biyu a jikinsa, guda 24 kawai za ku ci cikin lokaci, sauran 26 su tsallake, kuma tumatirin leda a zafin bazara ba abin da zan yi wa dogon uzuri ba ne. Ko ka nemi mai sauran wata shida, ko ku raba katan ɗin da maƙwabci tun a bakin shagon, kowa ya ɗauki 25.